Ɗaukar waya da Turanci a ofis: yadda ake karɓar suna da lamba da saƙo daidai

"Malam barka da warhaka. Na samu aiki ofishin wani dilan taki nan cikin garin Sakkwato, ni ke zama kan tebur in oga ya fita. Karatu da rubutun Turanci ba ni da matsala, amma da an kira daga Legas ko Abuja sai kaina ya ɗaure, ban jin sunan mai magana, kuma kunya nike ji in ce a maimaita. Ran nan na rubuta lambar wani ba daidai ba oga ya yi ta faɗa. Don Allah mi zan yi?"

Barka kadai ƙanena, Allah shi sa albarka cikin aikin. Bari in fara ɗauke maka wani nauyi, rabin laifin na wayar ne da kanta. Layin waya na yau da kullum ba ya ɗauko muryar mutum duka, abin da yake kawowa kunnenka shi ne sautin da ke tsakanin 300 da 3400 Hz, sauran yanke shi ake yi. To abin da ke bambanta sautin S da na F yawancinsa sama da nan yake, shi ya sa a waya su biyun suke zama kamar abu guda. Haka M da N, haka B da D da P da T da V. Baturen Ingila ma da aka haifa cikin harshen in ana ba shi suna a waya sai ya ce a jero mishi haruffan, kuma ba wanda ke ganin ya gaza. Ka ƙara da cewa ba ka ganin bakin mai magana, ga janareta na ruri bayan shago, ga sabis na ɗaukewa yana dawowa, ga mutumin Legas da ke magana kamar ana korar shi. Don haka mutumin da ya ce a maimaita, a idon masu aikin ofis, shi ne wanda ya san aikinshi.

Ni tun da nike aikin sakatare har na koma koya wa yara masu shigowa, abu guda nike fara gaya musu: in oga ba ya nan, abin da ake so gare ka shi ne takarda mai abu biyar daidai. Wa ya kira, daga ina, lambar da za a same shi, mi yake so, da kuma yaushe yake son amsa. In waɗannan biyar sun fita daidai ka gama aikinka ko da Turancinka ya yi ta tuntuɓe a hanya. In ɗaya ya kuskure, iya Turancinka bai amfana wa kowa komi ba.

Kafin wayar ta yi ƙara

Littafi guda da biro su zauna kusa ga wayar, kada su motsa. Littafi nike nufi mai bango, ba 'yar takardar da za ka yago daga bayan rasit ba wadda iskar fanka za ta kai ƙarƙashin buhu. Kowane shafi ka ja layi biyar ka rubuta suna, kamfani, lamba, saƙo, lokaci tun da safe. Amfanin wanga shi ne in kanka ya ɗaure tsakiyar magana, idonka zai faɗa kan layin da ba a cike ba, nan take ka san tambayar da ta rage. Ka riƙa wayar da hannun da ba ka rubutu da shi, ko ka sa iyafis, don sifika cikin shago mai hayaniya ƙara lalata abin take yi.

In ka ɗauka, gaisuwa layi ɗaya ce: "Good morning", sunan ofishinku, sunanka, sannan "How can I help you?". Mu mun saba sai an tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, to a wayar aiki da Turanci ba a jiran wannan, in ka tsaya yi ma mai kiran zai ɗauka bai samu ofishin da yake nema ba. Amma in ka ji ya yi sallama ya juya Hausa, ai shi ke nan, ka bi shi ku gaisa yadda ya kamata, babu dokar da ta ce dole sai Turanci.

In ya nemi oga, amsarka: "He is not in the office at the moment. Can I take a message?". 'Yan Najeriya na cewa "he is not on seat" kuma duk wanda ke ƙasar nan zai gane, amma Ba'indiye ko ɗan Sin da ke kira daga kamfani ba lallai ya gane ba. Kuma ka kiyayi "I am coming" in za ka ɗauko wani abu, mu "ina zuwa" muke nufi, shi kuwa baƙo sai ya ɗauka tahowa za ka yi wurinshi. "Hold on, please" ta wadatar.

Neman a maimaita

Matsalar "eh?" da "what?" ita ce a kunnen mai jin Turanci suna fita da tsawa, haka ma "repeat" ita kaɗai, kamar malami na ba ɗalibi umurni. Wadda nike ba yara su haddace ita ce: "Sorry, the line is not clear. Could you say that again slowly, please?". Ka lura da dabarar da ke ciki, ka ɗora laifin kan layi, ba ka ce shi bai iya magana ba, ba ka ce kai ba ka ji Turanci ba, kowa ya tsira da mutuncinshi. Kuma yawancin lokaci gaskiya ce ma.

Sai dai akwai inda wannan ke kasawa. In ka ce a maimaita duka, mutum zai sake kwararo maka jimlar nan da saurin da ya yi ta farko, ka sake rasa wuri guda ɗin da ka rasa. Abin da ya fi shi ne ka maido mishi abin da ka ji, ka tsaya daidai inda ya ɓace maka. Misali ka ji cewa mota za ta iso amma ranar ta wuce ka, sai ka ce "The truck will arrive on...?" ka ja muryarka sama ka yi shiru. Zai cike maka gurbin da kalma ɗaya, kuma kalma ɗaya ta fi sauƙin kamawa bisa ga jimla mai kalma ashirin. In sunan ne ya wuce ka: "Sorry, I didn't get your name." In lambar ce: "Sorry, what comes after the seven?". Kullum ka nuna mishi ramin da kake son a cike.

In ka tambaya sau biyu abu bai shiga ba, kada ka yi ta uku da irin tambayar, canza hanya. Ko ka ce a jero haruffa, ko ka ce a turo tes, ko ka ce bari ka sake kira don layin ya gyaru. Mutum na haƙuri da tambaya biyu, ta uku ce ke sa ya fara huci.

Wani abu kuma da ke cin mutanenmu, wanda ba a cika faɗi ba. Mu in ana mana magana muna ta "to, to, na'am, haka ne" don a san muna saurare. In ka juya wannan ya koma "yes, yes, okay" a wayar kasuwanci, mai kiran zai ajiye waya da imanin ka amince da abin da ya faɗa. Na ga inda wani kamfani ya kira ya ce za su ƙara kuɗin mota, yaron ofis na ta "okay sir", bayan kwana biyu sunka turo takarda wai an yarda a waya. In alamar saurare kake son badawa ka ce "I see" ko "go on", ka ajiye "yes" sai inda kake nufin e.

Sifelin, inda aka fi faɗuwa

Nan ne nike son ka natsu, don akwai wani tarko da ya shafe mu musamman mu da munka fara karatu da Hausa. Sunan wasulan Turanci ya saɓa da yadda muke karanta su. In Bature ya faɗi harafin A, abin da kunnenka ke ji shi ne "ei", hannunka kuwa sai ya tafi ga E. In ya faɗi E kana jin "ii", hannunka ya rubuta I. In ya faɗi I kana jin "ai", sai ka ga ka fara rubuta A. Wasula uku kenan kowane na iya zamewa ya faɗa gidan ɗan'uwanshi, kuma cikin sauri ko wanda ya yi digiri abin na kama shi. Haka G da J, na farko "jii" na biyu "jei". Sai namu na gado, P da F, da kuma B da V, waɗanda bakinmu ke haɗewa, wato nan matsalar ta fi fitowa in kai ne ke bada sifelin. Harafin Z kuma mu da Ingila "zed" muke cewa, Amurkawa "zii" suke cewa, a waya sai ka rantse C ka ji.

Maganin duka guda ne, a liƙa wa kowane harafi kalma. Akwai jerin da matuƙa jirgin sama da sojoji ke amfani da shi, wanda hukumar jiragen sama ta duniya ta tsayar a 1956, kuma bankuna da kamfanonin jirgi duk sun san shi. Ka rubuta shi a kati ka manna jikin tebur: Alfa, Bravo, Charlie, Delta, Echo, Foxtrot, Golf, Hotel, India, Juliett, Kilo, Lima, Mike, November, Oscar, Papa, Quebec, Romeo, Sierra, Tango, Uniform, Victor, Whiskey, X-ray, Yankee, Zulu. An zaɓe su ne don ba wadda ke kama da wata ko layi ya lalace. Na san akwai wanda bakinshi ba zai so faɗin ta W ɗin nan ba, to ka ce Water, ba wanda zai kama ka.

Ba dole ne sai wanga jeri ba. In da ɗan Najeriya kake magana, "K for Kano, L for Lagos, S for Sokoto" na aiki sarai, wani lokaci ma ya fi saurin shiga. Abin da za ka guje wa shi ne gajerun kalmomi masu amo ɗaya. In ka ce "B for ball" a layi maras kyau, mai saurare bai san ko ball ka ce ko call ko tall ko fall ba, ka ga an koma gidan jiya. Kuma kada ka ɗauko kalmar da harafin farkonta ba ya fita, irin phone ga P ko knife ga K.

Sannan ba kowane harafi ke buƙatar kalma ba, in ka yi haka wayar minti ɗaya sai ta koma biyar. In kana karɓa, ka bar mutum ya jero, kai kana rubutawa, inda ka yi shakka kawai za ka tsayar da shi: "Is that F for Foxtrot or S for Sierra?". Ka ba shi zaɓi biyu ya ɗauki ɗaya.

In kai ke badawa kuwa, mu ce direba ko ofishinsu na son sunan garin da za a sauke kaya, Gwadabawa. Wanda bai taɓa zuwa yankin nan ba in ka faɗa mishi baki ɗaya ba abin da zai kama. Sai ka faɗi sunan sau ɗaya, ka ce "I will spell it", ka yanka shi gida uku yadda yake a baki: G for Golf, W, A, ka ɗan tsaya. D for Delta, A, B for Bravo, A, ka tsaya. W, A. Tsayawar nan ita ce ke ba shi damar rubutu. Illela kuma ka ce "I for India, double L, E for Echo, L, A", don nan ga I ga E a suna guda, in ba ka liƙa musu kalma ba Allah kaɗai ya san abin da zai fito a takardar kaya. Haruffanmu masu lanƙwasa babu su a Turanci, don haka suna mai ɗ ko ƙ ka bada shi da D ko K yadda yake a katin shaidar mai shi.

Kuma kada ka ce ai wanga suna na san shi ba sai an jero ba. Sunan da ka sani shi ya fi yaudara. Muhammad nawa ka sani, wani Mohammed yake rubutawa, wani Muhammed, ga Usman ga Uthman ga Othman. Su ma can haka ne, akwai Stephen akwai Steven, akwai Philip mai L ɗaya da mai biyu. In sunan zai shiga rasit ko takardar banki ko imel, harafi ɗaya ya isa ya sa a maido da ita. Sunayen Yarbawa da na Ibo kuwa, masu gb da kp da nw, kada ma ka gwada rubutawa da ka, kai tsaye ka ce "Could you spell that for me, please?". Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi don an nemi a rubuta sunanshi daidai ba.

Lambobi

Lambar wayar hannu a Najeriya guda 11 ce in ta fara da sifiri. In an ba ka da +234 a gaba, sifirin farko ya faɗi, saura 10 bayan 234 ɗin. Lambar akawun ɗin banki guda 10 ce. Wannan shi ne awonka na farko, da ka gama rubutawa ka ƙirga, in ka samu 10 a lambar waya ko 12, ka san akwai ɓaraka tun mai kiran bai ajiye ba. Inda ake yawan zubar da lamba shi ne wurin "double" da "triple", mutum ya ce "double three" kai ka rubuta 3 guda, ko ka rubuta 23. Wasu kuma sifiri "oh" suke ce mishi. In kana maido mishi lambar ka yanka ta huɗu, uku, huɗu, kuma ka faɗi kowace ɗaya ɗaya, ka bar double ɗin nan, in 33 ce ka ce "three, three". Ta haka in ka zubar da ɗaya zai ji.

Sai babbar masifa, 13 da 30, 14 da 40, 15 da 50, har zuwa 19 da 90. Bambancin fifteen da fifty ɗan sautin N ne a ƙarshe da kuma inda aka danna murya, kuma waya na cinye shi. Kai da ke harkar buhuna wanga shi ne zai iya jawo maka asara ta gaske. Duk lokacin da ka ji ɗaya daga cikinsu, ko kana ganin ka ji sarai, ka tambaya: "One-five or five-zero?". Ni har yau haka nike yi.

Ranaku ma akwai Tuesday da Thursday da ke rikicewa, maganinsu ka haɗa rana da kwanan wata ka duba kalanda. In kwanan wata ya zo a rubuce daga waje ka tuna mu rana muke fara sawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa, 4/5 gare mu 4 ga Mayu ce, gare su 5 ga Afrilu. In kuma daga ƙasar waje anka ce a kira ƙarfe kaza ka tambaya agogon wa, Dubai na gabanmu da awa 3, Indiya awa 4 da rabi, Sin awa 7.

Mu bi waya guda daga farko har ƙarshe

Mu ce oga ya tafi Illela, wajen sha ɗaya na safe waya ta shigo, mace ce daga kamfanin da ke turo muku taki daga Legas, tana sauri. Ka gaisa, ta nemi oga, ka ce ba ya ofis ko za ta bar saƙo. Ta faɗi sunanta da na kamfani a numfashi ɗaya ta zarce cikin magana. Nan ne wurin da yara ke sakin layi, suna jin nauyin katse ta. Ka katse ta da ladabi tun nan: "Sorry, may I have your name first, please?". Mu ce ta ce Catherine. Kai ka san ana rubuta shi da C ana rubuta shi da K, sai ka tambaya "With a C or a K?", ta ce C, ka cike layin farko. Sunan kamfanin ka riga ka san shi daga takardunku, ka faɗa mata shi ta tabbatar, layi na biyu ya cika.

Kafin ta shiga saƙon ka karɓi lambarta. Dalili, in sabis ya ɗauke tsakiyar magana kana da inda za ka same ta, kuma lambar da ta fito kan allo sau da yawa ta babban layin kamfani ce wadda in ka kira ba ita za ka samu ba. In a wayar hannu ta kira ka tambaya "Can he call you back on this number?", in ta ce e ka kwafe daga allo, ka huta.

Sai saƙon. Abin da kunnenka ya kamo: tirela, buhu 600, wani abu fifty ko fifteen ya jiƙe, da wata rana mai kama da Tuesday. Kada ka tsaya rubuta jimla, kuma kada ka tsaya fassara, rubuta kalmomin da ka kama da kowane harshe ya zo hannunka. Sannan ka bi ramukan ɗaya ɗaya. "One-five or five-zero bags?" Ta ce one-five, wato 15. "Is that Tuesday or Thursday?" Ta ce Thursday, ka kalli kalanda ka ce "Thursday the thirteenth, one-three?", ta ce e. Sai tambayar da aka fi mantawa, wadda kuma ita oga zai fara yi maka: mi take son ya yi? "What would you like him to do?" Sai ga shi ashe so take ya faɗa ko a turo 585 ɗin haka nan ko a jira a cike, kuma tana son amsa kafin ƙarfe 4 na yau don direba na jiran lodi. Da ba ka tambaya ba, da saƙon da za ka bada shi ne "wata mata ta kira kan maganar taki", oga ya ce bari sai gobe, mota ta kwana.

Daga nan sai ka ce "Let me read that back to you", ka karanto mata duka, suna, lamba, buhu 600, 15 sun jiƙe, Alhamis 13 ga wata, amsa kafin 4. Wanga karatu bai kai rabin minti ba, kuma cikin duk abin da na faɗa maka in ɗaya kawai za ka riƙe to shi ne, don duk kuskuren da ya tsallake sauran matakai nan ake kama shi. Ka rufe da "I will give him your message". Kada ka ce "he will call you back", ba ka san ko zai kira ba, in bai kira ba kai ne maƙaryaci. Ga yadda shafin zai kasance: Catherine, kamfanin taki Legas, lambarta, tirela buhu 600 guda 15 sun jiƙe, a turo 585 ko a jira, isowa Alhamis 13, tana son amsa kafin 4 yau, ta kira 11:05. Tunda akwai wa'adi ba za ka jira ya dawo daga Illela ba, ka ɗauki hoton shafin ka tura mishi ta WhatsApp, in minti goma sha biyar ta wuce bai buɗe ba ka kira shi.

Adireshin imel kuwa shawarata kada ka karɓe shi da baki in akwai yadda za a yi. Ga dot, ga underscore, ga dash, ɗigo ɗaya ya kauce saƙo ba ya zuwa. Ka ce "Could you send it to this number by text, please?". Haka lambar akawun, a rubuce. Kuma in wani ya kira ya ce kamfaninsu sun canza akawun a tura kuɗi sabo, ka rubuta saƙon ka ja layi ƙarƙashi ka gaya wa oga ya tabbatar ta lambar da ya saba kiransu da ita, 'yan damfara na bin wannan hanya sosai. Lambar oga ta kanshi da inda ya tafi ma ba naka ba ne ka bayar, sai in shi ya ce.

Iyakar abin

Kati da jimlolin nan za su fisshe ka a karɓar saƙo, amma ba za su sa ka iya cinikin farashi ko gardamar kwangila da Turanci a waya ba, wancan sai kunne ya daɗe yana ji. In magana ta kai can, ko ka haɗu da wanda harshenshi ya yi maka nauyi har sifelin ɗin ma ba ka kamawa, ka tsaya kan suna da lamba kawai, ka ce "Please send the details in writing", sauran oga ya ji da shi.

Kunnen kuma ana horar da shi. Ka samu abokinka da dare, ya shiga wani ɗaki ko ya fita waje ya kira ka a waya ta gaske, don fuska da fuska ba ya koya maka komi a nan. Ya ɗauko jarida ko tsohon rasit ya riƙa jero maka sunaye da lambobi da sauri, kai kana rubutawa kana maido mishi, sannan ku juya kai ka jero mishi Tambuwal da Wamakko da Goronyo da Dange Shuni. In kun gama ku gwada takardunku, ka yi wa haruffan da ka kuskure da'ira. Za ka ga kusan kullum guda uku ko huɗu ne ke maimaita kansu, galibi cikin A da E da I da G da J. Su za ka rubuta da jan biro a saman katinka, kuma duk lokacin da ɗayansu ya fito a wayar aiki ka tsayar da mai magana ka tabbatar kafin ku wuce.